Zauren Ɗalibai: Yadda Ake Tsara Takardar Aiki Kan Fi'ili Madi Da Takardar Amsarta

Da yawa daga cikinmu idan aka tashi makarantar boko ranar Juma'a, to Asabar da Lahadi Islamiyya ce. Waɗanda suka ɗan yi nisa kuma akan miƙa musu alli a ce su riƙe ajin ƙanne, ko su shirya wa 'yan ajinsu aikin bita. Darasin da ya fi yawan faɗowa hannun irin waɗannan ƙananan malamai shi ne fi'ili madi, wato aikatau na abin da ya riga ya wuce. Shi ne na farko cikin kashi 3 na fi'ili da littattafan nahawu irin su Ajurrumiyya suka lissafa: madi, mudari'i da amri.

Rera tasrifi da baki ba wuya. Yaro zai iya jero kataba, katabaa, katabuu har ƙarshe kamar karatun allo, amma ka ce masa ya faɗi “kin rubuta” da Larabci sai ya yi tsuru-tsuru. Takardar aiki ce ke tona wannan. Idan an tsara ta da kyau, cikin minti 20 za ta nuna wanda ya gane da wanda yake bin amshi kawai. Idan kuwa an tsara ta a gurguje, za ta kayar da yaron da ya iya, ta ba wanda bai iya ba maki, mai koyarwa ya tashi bai san inda ajinsa yake ba. Yau za mu gina guda ɗaya tare, daga tambaya ta 1 zuwa ta 15, sannan mu rubuta amsarta.

A nan shafin za mu rubuta kalmomin Larabcin da boko, inda kuka ga wasali biyu a jere kamar aa ko uu to ja ne, wato madda. Amma a kan takardar da za ku raba, da haruffan Larabci za ku rubuta, da cikakken wasali.

A fara rage kaya

Cikakken tasrifin fi'ili madi siga 14 ne. Wanda ya zuba su duka a takarda ɗaya ga yaran da suka fara darasin makon jiya, ba zai gane komai daga sakamakon ba, domin kurakuran za su cakuɗe. Shawararmu ita ce takardar farko ta tsaya kan lamirai 8 da Bahaushe ya riga ya mallaka a bakinsa: shi, ita, su, kai, ke, ku, ni, mu. Ga su da fi'ilin kataba:

Huwa kataba, ya rubuta. Hiya katabat, ta rubuta. Hum katabuu, sun rubuta. Anta katabta, ka rubuta. Anti katabti, kin rubuta. Antum katabtum, kun rubuta. Anaa katabtu, na rubuta. Nahnu katabnaa, mun rubuta.

Sauran 6 su ne na mutum biyu da na jam'in mata, irin su katabtumaa da katabna. Hausa ba ta ware mutum biyu daban, ba ta kuma raba maza da mata a jam'i, don haka waɗannan sabon tunani ne ga yaro. Su jira takarda ta biyu.

Abu biyu ake son yaro ya iya a wannan mataki. Na farko ya zaɓi ƙarshen da ya dace da mai aikin. Na biyu ya san wasalin da ke hawa harafin ƙarshe na asalin fi'ilin kafin a liƙa masa wannan ƙarshen. A kataba, harafin shi ne ba. Yana ɗaukar fataha tare da huwa da hiya, yana ɗaukar rufu'a tare da hum, yana ɗaukar ɗauri tare da sauran biyar. Duk tambayar da za ta shiga takardar sai ta kasance tana gwada ɗayan waɗannan biyu. Wadda ba ta yi haka ba a cire ta, ko da tana da daɗin karantawa.

Inda Hausa ke sa wa yaro ƙafa

Kafin a rubuta tambaya ko ɗaya, yana da kyau a san ramin da yara za su faɗa. Hausa tana sa alamar mai aiki a gaban aikatau: na tafi, ta tafi, ya tafi. Larabci a fi'ili madi yana sa ta a baya. Wannan kaɗai ba matsala ba ce. Matsalar ita ce wasu ƙarshen na Larabci sun yi kama da kalmomin Hausa, amma ma'anarsu ta saɓa.

Yaro ya ji katabnaa, kunnensa ya kama “na”, sai ya fassara “na rubuta”, alhali “mun rubuta” ne. Ya ji katabta, kunnensa ya kama “ta”, sai ya ce “ta rubuta”, alhali “ka rubuta” ne. Wanda ya taɓa jin yaktubu kuwa yakan ɗauka “ya rubuta” ne saboda “ya” ɗin da ke gaba, alhali wannan mudari'i ne, “yana rubutawa”. Waɗannan ba kurakuran rashin ƙwaƙwalwa ba ne, harshen gida ne ke jan yaron. Takarda mai kyau takan haƙa musu ramin da gangan, don a ga wa zai tsallake.

Zaɓen fi'ilai

Fi'ili 6 sun isa, kuma dukkansu su zama masu harafi 3 lafiyayyu. Mun zaɓi kataba, rubutawa, zahaba, tafiya, jalasa, zama, gasala, wankewa, shariba, sha, fahima, fahimta. Huɗun farko suna da fataha a harafin tsakiya, biyun ƙarshe suna da kisira. Mun haɗa su ne don a ga ko yaro ya gane cewa wasalin tsakiya ba ya motsi: sharibtu ake cewa, ba sharabtu ba.

Akwai fi'ilan da yara suka saba ji, waɗanda hannu ke saurin kai wa, amma ba wurinsu ba ne nan. Ƙaala yana komawa ƙultu, alif ɗin ya ɓace. Mashaa yana komawa mashaitu da mashat. Radda yana warwarewa ya zama radadtu. Ko sakata, da yake lafiyayye ne, harafinsa na ƙarshe ta ne, idan ya haɗu da ta ɗin lamiri sai su narke su zama ta ɗaya mai shadda, sakattu. Yaron da ya bi ƙa'idar da aka koya masa sak zai faɗi a kan waɗannan, kuma laifin na mai tsara takardar ne.

A saman takardar, ƙarƙashin wurin suna da aji da kwanan wata, a ja ɗan akwati a zuba fi'ilan 6 da ma'anarsu, tare da sunayen da za su fito a jimloli: masallaci, kasuwa, makaranta, gida, aji, darasi, tufa, ruwa, madara, yaro da yara. Ba ƙamus ake gwadawa ba. Idan yaro ya bar tambaya don ya manta kalmar kasuwa, ba mu koyi komai game da tasrifinsa ba. Jerin lamiran da ƙarshensu kuwa kada ya shiga akwatin, a yi bitarsa a allo a goge kafin a raba takarda.

Takardar kanta

Falle ɗaya, fuska ɗaya, tambaya 15, maki 20. Sassan 4 ne, kuma suna hawa ne kamar tsani: ganewa, cikewa, juyawa, sannan ƙirƙira. Umarnin kowane sashe a rubuta shi da Hausa, a kuma sa misali ɗaya da aka riga aka amsa.

Sashe na farko maki 4 ne. Umarni: “Ja layi daga kowane fi'ili zuwa mai aikin.” Misali: jalasa, shi. A hannun dama akwai (1) jalastu (2) jalasat (3) jalasnaa (4) jalasta. A hannun hagu akwai mu, kai, ke, ita, ni. Ku lura fi'ili 4 ne amma lamiri 5. Da adadinsu ya zo daidai, wanda ya san uku zai samu na huɗu kyauta. Ku kuma lura fi'ili ɗaya ne ya maimaitu, don idon yaro ya tsaya a kan ƙarshen kawai.

Sashe na biyu maki 6 ne. Umarni: “Cike gurbi da fi'ilin da ke cikin baka, ka sa masa wasali duka.” Misali: Nahnu zahabnaa ilal baiti.

(5) Anti … ilal masjidi (zahaba)
(6) Hiya … saubahaa (gasala)
(7) Antum … fil fasli (jalasa)
(8) Anti … labanan (shariba)
(9) Hum … ilas suuƙi (zahaba)
(10) Anta … darsaka (fahima)

A nan akwai wata dabara da ba a gani sai an nuna. A tambaya ta 6 mun ce saubahaa, tufarta, ba mu ce assauba ba. Dalili shi ne ta ɗin hiya tana da ɗauri, kuma idan kalma mai alif da lam ta biyo ta, ɗauri biyu sun haɗu, sai ta ɗin ta karɓi kisira: gasalatis sauba. Haka mim ɗin antum yake karɓar rufu'a a irin wannan wuri: katabtumud darsa. Wannan darasi ne na gaba. Don haka bayan fi'ilin hiya da na antum, kada a sa kalmar da ta fara da alif da lam. A sa harafi irin ilaa ko fii, ko suna marar alif da lam.

Sashe na uku maki 6 ne, jimla 3, kowace maki 2. Umarni: “Sake rubuta jimlar, ka musanya mai aikin da wanda ke cikin baka.” Misali: Anta jalasta fil masjidi, da anaa ta koma Anaa jalastu fil masjidi.

(11) Zahaba Aliyyun ilal madrasati (Faaɗimatu)
(12) Anaa sharibtu maa'an (nahnu)
(13) Alwaladu jalasa fil baiti (al'aulaadu)

Ku dubi ta 13 da kyau. Sunan ne ya fara zuwa, sannan fi'ili. Da mun rubuta Jalasal waladu, wato fi'ili a gaba, amsar za ta zama Jalasal aulaadu, fi'ilin bai canza ba ko kaɗan, domin a Larabci idan fi'ili ya riga fa'ilinsa bayyananne, yana zama a sigar mutum ɗaya ko da fa'ilin jam'i ne. Yaron da ya rubuta jalasuu a can ya yi kuskure, a nan kuwa shi ne daidai. Tunda jalasuu muke nema, dole suna ya zo farko. A ta 11 kuma ba damuwa fi'ili ya riga, saboda bambancin namiji da mace yana fitowa ko a gaba fi'ilin yake.

Misalin da muka bayar a wannan sashe yana ɗauke da jalasta da jalastu tare da lamiransu, kuma su ne tambaya ta 4 da ta 1. Irin wannan ɓarakar ce ake nema idan an gama rubutu. Maganinta mai sauƙi ne: a canza fi'ilin misalin, a ce Anta gasalta saubaka ta koma Anaa gasaltu saubii. Ƙa'idar ita ce kada cikakkiyar amsar wata tambaya ta bayyana a wani wuri cikin takardar.

Sashe na huɗu maki 4 ne, jimla 2. Umarni: “Fassara zuwa Larabci.” Misali: Ya tafi gida, Zahaba ilal baiti.

(14) Na rubuta darasina.
(15) Kun sha madara (maza 3).

Ta 14 ita ce ramin “na” da muka ambata. A ta 15 kuma, da mun bar “kun sha” haka nan, amsa 3 za ta iya zama daidai: sharibtum ga maza, sharibtunna ga mata, sharibtumaa ga mutum biyu. Wannan ɗan bayanin na cikin baka shi ya rufe ƙofar gardama.

Kafin a wuce, a yi ƙidaya. A rubuta lamiran a gefen wata takarda, a bi tambayoyin ana sa tsinke a gaban kowanne. A tamu hiya ta fito sau 3, hum, anta, anti, antum, anaa da nahnu kowanne sau 2, huwa kuwa yana cikin misalai tunda shi ne asali. Jimilla 15. Muna son kowane lamiri ya fito aƙalla sau 2, saboda faɗuwa sau ɗaya tana iya zama tuntuɓen alƙalami, faɗuwa sau biyu kuwa alama ce ta rashin ganewa.

Wasali shi ne rabin aikin

Ku rubuta katabtu, katabta, katabti da katabat da haruffan Larabci ba tare da wasali ba. Za ku ga kalma ɗaya ce: kaf, ta, ba, ta. Ni, kai, ke da ita duk sun shige riga ɗaya. Wannan na nufin idan wasalin sashe na farko ya dushe, jalastu da jalasat da jalasta sun zama abu ɗaya, sashen ya mutu. Yana kuma nufin yaron da ya amsa tambaya ta 5, 6, 8 da 10 ba tare da wasali ba bai nuna mana ya bambance su ba. Shi ya sa umarnin ya ce a sa wasali duka, kuma ya kamata a maimaita shi da baki kafin a fara.

Idan da hannu za ku rubuta, ku yi amfani da baƙin biro, ku yi manyan haruffa, ku bar tazara tsakanin layuka don kisirar layin sama kada ta zama fatahar layin ƙasa. Idan aka je wurin mai fotokwafi, a fara fitar da ɗaya tak a duba ta a haske. Rufu'a da ɗauri su ne ke saurin cushewa su zama ɗigo iri ɗaya. Sai an tabbatar ana bambance su sannan a ce ya buga sauran. Gurbin amsa kuma ya yi faɗin da zai ɗauki jalastum da rubutun yaro, kuma duk guraben su zama tsawo ɗaya, kada gajeren gurbi ya tona gajeriyar amsa.

Takardar amsa

Takardar amsa ba jerin kalmomi 15 ba ce kawai. Ita ce alƙali idan yara biyu suka kawo takardunsu suna cewa an ba wannan an hana wancan. Ita ce kuma za ta sa wanda bai tsara aikin ba ya iya dubawa kamar yadda mai tsarawar zai duba. A rubuta ta a falle daban, kafin a buga tambayoyin, ta hanyar zama a amsa takardar tun daga farko kamar ɗalibi. A raba ta gida 4: lamba, amsa da wasalinta, abin da za a karɓa, da kuskuren da ake tsammani.

Ga amsoshin: (1) ni (2) ita (3) mu (4) kai (5) zahabti (6) gasalat (7) jalastum (8) sharibti (9) zahabuu (10) fahimta (11) Zahabat Faaɗimatu ilal madrasati (12) Nahnu sharibnaa maa'an (13) Al'aulaadu jalasuu fil baiti (14) Katabtu darsii (15) Sharibtum labanan.

Rabon maki a rubuta shi a fili. Daga 1 zuwa 10, maki 1 ko babu, kuma amsar da harafinta na ƙarshe ba shi da wasali ba ta da maki a 5, 6, 8 da 10. Daga 11 zuwa 15, maki 1 na zaɓen ƙarshen da ya dace, maki 1 na rubuta fi'ilin cif, da wasalin tsakiya da ɗauri da alif inda ake bukata. Kuskure a sauran kalmomin jimlar a gyara shi da jan biro amma kada a cire maki, tunda ba shi ne darasin ba.

A gidan abin da za a karɓa, a rubuta cewa a ta 14 Anaa katabtu darsii daidai ne, haka ma Antum sharibtum labanan a ta 15, haka ma Sharibnaa maa'an ba tare da nahnu ba a ta 12, domin lamirin yana cikin fi'ilin. A ta 11 wanda ya rubuta Faaɗimatu zahabat ilal madrasati ya ci. A ta 15 wanda ya riga aji ya rubuta sharibtumul labana da rufu'a a kan mim shi ma ya ci. Akwai kuma abin da ya shafi yaran da suka taso a makarantar allo. A rubutun Magaribi da ake rubuta Warash da shi, fa tana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Idan yaro ya rubuta fahimta da ɗigon fa a ƙasa, bai yi kuskuren tasrifi ba. A ba shi makinsa, a nuna masa yadda littafin aji ke rubutawa.

Gida na huɗu shi ne mafi amfani. A ta 3, wanda ya ja layi zuwa “ni” ya faɗa ramin “na”. A ta 4, wanda ya ja zuwa “ita” ya faɗa ramin “ta”. A ta 6, wasu za su rufe gasalat da ta marbuɗa irin ta madrasatun, alhali ta ɗin fi'ili buɗaɗɗiya ce. A ta 8, sharabti na nufin yaron ya zaci duk fi'ili da fataha yake tafiya. A ta 9 da ta 13, za a ga wau ba tare da alif ɗin da ke bayansa ba. Wannan alif ba a furta shi, shi ya sa ake manta shi, amma dole a rubuta. A ta 12, sharibna ba tare da alif ba kalma ce ta daban, “sun sha” na mata, don haka ba ƙaramin kuskure ba ne. A ta 14, katabnaa ramin “na” ne ta ɗaya ɓangaren.

Idan an gama, a miƙa tambayoyin kaɗai ga wani ɗan uwa da ya iya darasin ya amsa, ba tare da ya ga amsar ba. Duk inda amsarsa ta saɓa da taku, ɗayan biyu ne: ko tambayar tana da baki biyu, ko takardar amsar ce ta kuskure. A duba agogo kuma. Idan shi da ya iya ya ɗauki fiye da minti 7, yara ba za su gama cikin 20 ba. Daga nan a kai wa malamin aji takardun biyu ya sa ido kafin a buga. Duba ɗaya daga malami ya fi a raba wa yara 30 kuskure su haddace shi.

Bayan an duba

A darasi mai minti 40, minti 10 na farko na bita ne a allo, 20 na aiki, 10 na ƙarshe a bi amsoshin da baki bayan an karɓe takardu. Amma aikin mai koyarwa bai ƙare da rubuta 14 cikin 20 a saman takarda ba. Wannan lambar ba ta faɗin me za a koyar mako mai zuwa. Abin da ke faɗa shi ne ƙidayar tambaya bayan tambaya.

A ce yara 24 ne a ajin. An jera lamba 1 zuwa 15, an ƙirga waɗanda suka faɗi kowace. An ga yara 13 sun faɗi ta 3, yara 15 sun faɗi ta 14, kuma kusan duk katabnaa suka rubuta. Kuskure ɗaya ne ya fito a wuri biyu, don haka na gaske ne. Asabar mai zuwa kada a shiga sigar mutum biyu tukuna. A fitar da yaro ɗaya ya ce zahabtu yana nuna ƙirjinsa, sannan uku su tashi tare su ce zahabnaa, a yi ta juyawa da sauran fi'ilan har kunne ya saba. An kuma ga yara 10 sun rasa maki a ta 9 da ta 13 saboda alif kawai. Waɗannan sun gane tasrifi, shifta suke bukata: kalma 5 masu wau da alif a farkon darasi sun isa.

To idan aka ga yara 20 sun faɗi ta 2, amma amsoshinsu sun watse, wasu ni, wasu kai, wasu ke, alhali mafi yawansu sun ci ta 6 da ta 11 da su ma hiya ce? Wannan ba ya kama da rashin ganewa. A ɗauko ɗaya daga takardun da aka raba a dubi jalasat. Da wuya a rasa wasalin da ya goge. Idan haka ne, a soke tambayar ga kowa, a lissafa maki bisa 19.

Kuskuren da ya taru wuri ɗaya na ɗalibai ne, a sake koyarwa. Kuskuren da ya watse a kan tambaya ɗaya tak, a fara tuhumar takarda.

Aikin wannan mako

Ku ɗauki fi'ilan nan 3: nazala, sauka, la'iba, wasa, hamala, ɗauka. Ku tsara sashe na biyu da su, tambaya 7, lamiri ɗaya ga kowace tambaya ban da huwa, ku rubuta takardar amsa mai gida 4. Ku tabbata babu alif da lam bayan fi'ilin hiya da na antum, kuma babu tambayar da ta tona amsar wata. Ku musanya da abokin karatu, kowa ya amsa na ɗan uwansa, sannan ku nuna wa malaminku. A fitowa ta gaba za mu ɗora da takarda ta biyu, ta mutum biyu da jam'in mata, inda katabna da katabnaa za su zauna kusa da juna. Allah Ya ƙara mana fahimta, sai mun haɗu.